Shaidar fasinja bayan haɗarin mota: Faɗin inda motoci suke ya fi ƙirƙiro lambar gudu amfani

Idan aka yi haɗari a hanya, aka kwashe waɗanda suka ji rauni, aka ja motocin gefe, akan wayi gari ɗan sanda mai bincike yana neman wanda zai gaya masa yadda abin ya faru. Direbobin biyu kowa na kare kansa. Mutanen gari da suka kawo ɗauki ƙarar suka ji kafin su rugo. Sau da yawa wanda ya rage shi ne fasinja, wanda yake cikin motar tun daga tasha, kuma ba shi ne ke riƙe da sitiyari ba.

A nan ne ake samun matsala iri biyu. Wani fasinjan ya ji tausayin direba, ko 'yan tasha sun roƙe shi, sai ya ce a hankali ake tafiya, tsautsayi ne kawai. Wani kuma ransa ya ɓaci, ya rasa ɗan uwa ko ya karye, sai ya ce direban ya ƙure maleji, gudun kilomita 180 yake yi. Dukansu biyu sun ba da lambar da ba su gani ba, kuma dukansu sun ɓata abin da ya fi komai daraja a hannunsu.

Abin da fasinja ya fi iya bayarwa daidai shi ne wuri: inda yake zaune, hannun da motarsu take, inda ɗaya motar ta fito, da abin da ya riga wani faruwa. Gudu kuwa ƙiyasi ne, kuma ya kamata ya shiga takardar 'yan sanda a matsayin ƙiyasi, tare da dalilin da aka dogara da shi.

Kujerar da aka zauna ita ce farkon bayani

Tun 1972 Najeriya ke tuƙi a hannun dama, direba kuma na zaune a hagu. Wannan ya sa fasinjojin mota ɗaya ba abu ɗaya suke gani ba. Wanda ke bayan direba kusa da taga ya fi ganin motocin da ke tahowa daga gaba da kuma tsakiyar titi. Wanda ke ɓangaren dama ya fi ganin gefen hanya, masu babur da masu tafiya a ƙasa. Na gidan gaba na iya ganin titi da maleji. Wanda aka matse a tsakiyar kujerar ƙarshe kuwa, kawunan mutane da kaya ne a gabansa.

Don haka bayani mai kyau kan fara da kujera. Idan fasinja ya ce yana kujerar tsakiya, ta hagu, bayan direba, mai bincike ya riga ya san abin da zai iya yarda da shi daga bakinsa da abin da ba zai iya ba. Idan yana barci ne, ko yana kallon waya, har sai da ya ji an taka birki, wannan ma ya faɗa. Bai rage masa daraja ba. Ya dai nuna daga ina shaidarsa ta fara.

Abu na biyu shi ne hagu da dama. Wanda ya fito daga mota ya juyo yana kallonta, hagunsa ya koma damar motar. Ta haka ake samun bayanai biyu masu cin karo daga mutanen da abu ɗaya suka gani. Maganinsa shi ne a ɗaure komai da inda motar ta dosa. A ce daga gari kaza aka taso za a gari kaza, sannan a yi magana da "ɓangaren direba" da "ɓangaren fasinja", da "hannunmu" da "hannun masu tahowa". Waɗannan ba sa juyewa ko ta ina mutum ya tsaya.

Misali: Sharon, tirela da Golf

A ɗauka wata 'yar kasuwa ce ta shiga Sharon ta haya daga Funtua za ta Malumfashi. Tana kujerar tsakiya, bayan direba. Bayan sun wuce Bakori suka tarar da tirela na tafiya a hankali. Direbansu ya yi aron hannu zai wuce ta, sai ga Golf daga gaba, aka yi taho-mu-gama. Ta tsira da karayar hannu. Kwana biyu bayan nan ɗan sanda ya zo asibiti ɗaukar bayani.

Abin da aka saba ji a irin wannan yanayi shi ne: "Yallabai, mai Golf ɗin nan gudu yake kamar zai tashi sama, ya fi 150. Shi ya zo ya buge mu." Ba da niyyar ƙarya ta faɗa ba, haka abin ya zo mata a ido. Amma babu abin da mai bincike zai iya aunawa a cikin wannan magana, kuma ta tsallake babbar tambayar: a hannun wa aka haɗu?

Ga yadda bayanin zai fi amfani: "Ina zaune bayan direba, kusa da taga. Mun bi bayan tirelar na ɗan lokaci. Direbanmu ya fita hannun masu tahowa. Mun kai wajen tsakiyar tirelar, tana ɓangaren fasinja, lokacin da na hango Golf a gabanmu, nisan bai fi filin ƙwallo biyu ba a ganina. Na ji direbanmu ya taka birki ya karkata ɓangarensa, wato bakin titi na can. Ita ma Golf ɗin can ta karkata. Bugun ya zo ta gaba, ɓangaren fasinja. Ban ga ko direbanmu ya sa sigina ba. Bayan bugun ban san komai ba sai da aka fito da ni."

A wannan bayanin babu lambar gudu ko ɗaya, amma ya amsa abin da ake nema. Ya nuna wanda ya bar hannunsa, da inda motocin uku suke a daƙiƙun ƙarshe, da dalilin da ya sa aka tarar da Sharon da Golf a bakin titi ɗaya. Kowace jimla a cikinsa ana iya gwada ta da abin da ke ƙasa: inda gilasai da ɓaraguzai suka zube, inda ƙarfe ya karce kwalta, shatin tayoyi, da ɓangaren da ya lotse a jikin kowace mota. Wannan na da muhimmanci musamman a hanyoyin da ake ture motoci gefe tun kafin jami'ai su iso, domin ceto mutane da buɗe hanya. Idan an gusar da motoci, inda aka tarar da su ba ya nuna inda suka haɗu.

Me ya sa ido ke ruɗuwa da gudu

Dalilin da ya sa matar ta ga kamar Golf ɗin na tashi sama lissafi ne mai sauƙi. Idan motoci biyu na tunkarar juna, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa ne da gudunsu a haɗe. Idan Sharon na kan 100, Golf na kan 80, tazarar na cinyewa da gudun kilomita 180 a awa, wato mita 50 a kowace daƙiƙa. Nisan filin ƙwallo biyu, kimanin mita 200, zai ƙare a daƙiƙa huɗu. Wanda ke zaune a mota ba ya jin gudun motarsa yadda yake ganin na mai tahowa, sai ya ɗora wa ɗayar motar gudun duka biyun. Saboda haka fasinja ba shi da hanyar sanin gudun motar da ta tunkaro shi gaba da gaba, kuma gaskiyar magana ita ce ya ce ba zai iya ƙiyasta shi ba.

Ko ƙiyasi da lokaci ma yana da rauni. Motar da ta cinye tsawon filin ƙwallo ɗaya, wajen mita 100, a daƙiƙa huɗu tana kan kilomita 90 a awa. Idan daƙiƙa uku ne, 120 ke nan. Idan biyar ne, 72. Kuskuren daƙiƙa ɗaya tak na iya mayar da direban da ke cikin ƙa'ida mai laifi, ko ya wanke wanda ya wuce gona da iri. Kuma babu mai ƙirga daƙiƙa daidai a lokacin da yake salati.

Akwai kuma tasirin yadda aka yi tambaya. A 1974 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai fina-finan haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin. Kalma ɗaya kawai suka riƙa sauyawa a tambayar. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar motocin sun ragargaji juna sun ƙiyasta kimanin kilomita 65 a awa. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar sun taɓa juna sun ce kimanin 51. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi wasu ɗaliban ko sun ga fasasshen gilashi. A cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani, alhali babu fasasshen gilashi a fim ɗin.

Waɗannan ɗalibai ne a zaune lafiya, ba su ji ciwo ba, ba su rasa kowa ba. Fasinjan da ya kwana biyu a gadon asibiti yana jin masu dubiya na maimaita cewa direban mahaukacin gudu yake yi, ya fi su shiga haɗarin ɗaukar maganar mutane ya zaci ganinsa ne. Idan ɗan sanda ya ce, "Hajiya, gudu yake sosai ko?" amsar da ta dace ita ce ta koma kan abin da ta gani, ba ta ce e don a wuce wurin ba.

Ƙiyasin da za a iya tsayawa a kansa

Wannan ba ya nufin fasinja ya yi shiru kan gudu. Akwai abubuwa uku da zai iya bayarwa da gaskiya.

Na farko, abin da ya gani a maleji, tare da lokacin da ya gani. Matar da ke bayan direba na iya cewa ta leƙa ta kafaɗarsa kamar minti goma kafin haɗarin, ta ga allurar na kusa da 100, amma ba ta duba ba lokacin da ya fita wuce tirelar. Wannan magana ce cikakkiya. Idan ta ce yana kan 100 lokacin haɗarin, ta ƙara abin da ba ta gani ba.

Na biyu, kwatance. Ido ya fi iya gane wace mota ta fi wata gudu a hannu ɗaya fiye da sanin lambar kowace. "Tun daga Funtua muna wuce motoci, babu wadda ta wuce mu" shaida ce mai ƙarfi. Haka ma "wani dattijo a gidan gaba ya ce wa direba ya rage gudu sau biyu", matuƙar da kunnenta ta ji.

Na uku, lokaci da waya ta ajiye. Idan fasinja ya kira gida yana fita daga wani gari, kiran neman taimako kuma ya fita bayan haɗari, wayar ta riƙe lokutan biyu. Idan tsakanin wuraren kilomita 30 ne, aka yi shi a minti 18, matsakaicin gudun tafiyar 100 ne. Wannan bai faɗi gudun daƙiƙar ƙarshe ba, amma ya nuna irin tuƙin da ake yi, kuma mai bincike na iya auna nisan da kansa.

Idan aka matsa sai ya faɗi lamba, ya ba da tsakani, ya faɗi dalili: "A ganina tsakanin 90 da 110, domin haka na gani a maleji a baya kuma ban ji ya rage ba." Faɗin tsakanin shi ne ainihin iyakar saninsa.

Lambobin nan suna da nauyi ne saboda doka ta yanka iyaka. A ƙa'idojin hanya na Najeriya, tasi da bas na haya ba za su wuce kilomita 50 a awa a cikin gari ba, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen manyan hanyoyi. Motar gida na da 50, 80 da 100. Tirela da tanka kuwa 45, 50 da 60. Tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Bambancin 75 da 95 a bakin shaida na iya zama bambancin tuƙi bisa ƙa'ida da tuƙin ganganci a takardar tuhuma.

Kwalta ma na ba da shaida

Wanda ke tunanin rage lamba don taimakon direba ya sani cewa ba bakinsa kaɗai ake saurare ba. A busasshiyar kwalta mai kyau, motar da aka danne wa birki har tayoyi suka ja tana bukatar kimanin mita 20 ta tsaya daga gudun 60, mita 36 daga 80, mita 56 daga 100. Idan gudu ya ninka, nisan tsayawa kan ninka sau huɗu. Don haka idan aka auna shatin birki mita 40 kafin wurin da aka haɗu, kuma duk da haka motocin suka lotse, babu yadda za a yi a ce 50 ake yi. Shatin na nuna mafi ƙarancin gudun ne kawai, domin sauran ya tafi a cikin bugun.

Shatin ma yana da iyaka. Ruwan sama, yashi a kan titi, gangara da sulɓaɓɓun tayoyi duk suna sauya lissafin, kuma motoci masu birkin zamani da ba ya kulle taya ba sa barin shati mai kyau. A irin wannan wurin ne maganar fasinja kan lokacin da ya ji birki, da ko an yi ruwa, da ko akwai rami ko kwana, ke cike giɓi. Amma idan ya riga ya faɗi lambar da kwalta ta ƙaryata, ramin ƙarya ƙurarre ne: lauyan ɗaya ɓangaren zai yi amfani da wannan jimla ɗaya ya rushe sauran bayanin, har da gaskiyar da ke ciki.

Kafin a sa hannu

Dokar Shaida ta 2011 ta tanadi cewa shaidar baka ta kasance kai tsaye, wato wanda ya gani ya faɗi abin da ya gani, wanda ya ji ya faɗi abin da ya ji. Abin da kwandasta ko maƙwabcin gado ya ba da labari ba ganin fasinja ba ne. Idan zai ambata, ya ce wane ne ya gaya masa, don mai bincike ya je ya nemi mai maganar.

Akasari da Hausa ake ba da bayani, a rubuta shi da Turanci. A tsakanin harsunan biyu "yana ɗan gudu" na iya komawa "yana gudun wuce ƙa'ida", "ina jin" da "a ganina" kuma su ɓace gaba ɗaya. Fasinja ya nemi a karanta masa abin da aka rubuta, a fassara masa jimla bayan jimla, a gyara inda aka sauya, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kada ya sa hannu a farar takarda. Zane ma na taimakawa: layi biyu na titi, kibiya mai nuna inda aka dosa, da akwati uku na motoci. Wanda ya bugu a kai kuwa ya faɗa a rubuta, domin irin wannan bugu na iya shafe tunanin daƙiƙun da ke kusa da haɗari, kuma cike wannan giɓin da zato shi ne kuskure mafi sauƙin aukuwa.

Masu cewa wahalar banza ce

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne. A cewarsu ƙaddara ta riga fata, direba talaka ne mai iyali, yawancin maganganun nan a sulhu suke ƙarewa, kuma wanda ya ba da shaida shi za a yi ta kira ofishin 'yan sanda da kotu. Maganar wahala gaskiya ce, shaida na cin lokaci da kuɗin mota.

Sai dai tausayin da ake yi wa direba ɗaya, wani ne ke biyan kuɗinsa. A misalin da ya gabata, idan fasinjojin Sharon suka haɗa baki suka ce Golf ce ta shigo musu, laifin ya koma kan mutumin da ke tafiya a hannunsa, wanda wataƙila ya rasu ba zai iya kare kansa ba, iyalinsa kuma su rasa haƙƙinsu. Sulhun ma a kan wannan takardar ake gina shi, domin ita ce ke nuna wa zai nemi afuwa, wa zai biya. Haka kamfanin inshora, rahoton 'yan sanda na cikin abin da yake nema kafin ya biya diyya. Tun farkon 2023 inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000 a shekara, tana kuma ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan uku. Bayanin da aka murɗe na iya hana mai haƙƙi wannan kuɗin.

Akasin haka ma zalunci ne. Direban da ke kan 80 tayarsa ta fashe, fasinja cikin fushi ya rubuta masa 140, an ɗora masa tuhumar da ta fi laifinsa, an kuma rufe ainihin abin da ya kamata a bincika, wato tayar da wanda ya bar motar ta hau hanya da ita.

Nauyin ba na fasinja kaɗai ba ne. Jami'in da ke ɗaukar bayani ya kamata ya fara da "gaya min abin da ka gani", ya raba shaidu kada su ji na juna, ya kuma rubuta "ban gani ba" yadda aka faɗe ta, maimakon matsa wa mai rauni sai ya furta lamba. Fasinjan da ya faɗi kujerarsa, ya faɗi hannun da kowace mota take, ya ba da gudu a matsayin ƙiyasi mai dalili, ya bai wa mai bincike abin da zai je ya auna a kan titi. Iyalan da ke ɓangarori biyu na haɗarin kuma abin da suke bukata daga gare shi ke nan.